Mun biya kuɗin buhu 300, an sauke mana 180: yaya za mu rubuta wa daraktan kamfanin?

Sakataren Manoma: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a madadin ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a nan yankin Kadawa. Ranar 10 ga Yuni muka tura wa wani kamfanin dillancin taki da ke cikin Kano kuɗin yuriya buhu 300, kowane buhu a kan ₦34,000, wato ₦10,200,000. A takardar da suka ba mu an rubuta za a sauke mana kaya cikin mako biyu. Ranar 25 ga Yuni mota ta zo da buhu 180, direba ya ce sauran na biyo baya. Yau 14 ga Yuli, buhu 120 ba labari. Yaron da ke kula da ciniki a kamfanin kullum maganarsa ɗaya, lodi bai fito ba, a ƙara haƙuri. Yanzu ma ya fara ƙin ɗaga waya. Shugabanmu ya ce in rubuta wa daraktan kamfanin kai tsaye in ba shi wa'adi. Abin da ban sani ba shi ne kwana nawa ya dace a bayar, da kuma me ake sakawa a irin wannan takarda har mutum ya ɗauke ta da muhimmanci. Mutanenmu da yawa sun yi dashe a makon farko na Yuli, taki suke jira.

Ɗan Autan Kura: Wa alaikumus salam. Yaya Sakatare, wace takarda kuma? Ku ɗauki rasit ku tafi wurin 'yan sanda, a ɗauko yaron nan. Wallahi kwana ɗaya ya yi a bayan kanta za ku ga taki a ƙofar sitonku. Ko ku ba ni sunan kamfanin in saka su a Facebook.

Barista: Auta, a'a. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana a kama mutum a kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Kamfanin da ya kawo 180 cikin 300 bai yi kama da wanda ya shirya damfara tun farko ba. Idan kuka sa aka tsare yaron, lauyan kamfanin zai iya juyowa ya yi ƙarar ƙungiya a kan tauye haƙƙi, a bar maganar taki a koma wata. Facebook ma ku ajiye shi, kalma ɗaya ta zarce abin da za ku iya tabbatarwa an samu ƙarar ɓata suna.

Malam Sakatare, kafin mu zo kan kwana nawa, ka amsa min abu biyu. Kuɗin asusun wa kuka tura, na kamfani ko na yaron? Sannan ranar da mota ta zo, me aka rubuta a webil, wato takardar rakiyar kaya, kuma me mai sitonku ya sa wa hannu?

Sakataren Manoma: Barista, kuɗin taki asusun kamfani muka tura, sunan da ke kan rasit shi ne ya fito a alat. Kuɗin mota ne, ₦240,000, yaron ya ce a tura masa ta nasa asusun don shi zai sallami direba. Webil kuma yanzu na ɗauko shi. An buga 300 a jiki, amma mai sitonmu ya rubuta da biro a ƙasa, "an karɓi 180, saura 120", ya sa hannu, direba ma ya sa.

Baba Tsohon Sito: Alhamdu lillahi. Ku saya wa mai siton nan naku goro, shi ya cece ku. Na yi shekaru ina riƙe da sito a kamfanin kayan gona kafin in dawo gida, bari in faɗa muku yadda abin yake a ciki. Darakta ba ya ƙirga buhu, takarda yake gani. Webil yana da kwafi, ɗaya ya tsaya wurin mai kaya, ɗaya direba ya mayar ofis. Idan aka buga 300 kuma kwafin ofis ya koma da sa hannu ba tare da wani rubutu ba, to a littafin kamfani an gama da ku, an rufe cinikinku. Kuna nan kuna jiran buhu 120, can kuwa babu wanda ya san ana binsu ko buhu ɗaya in ba yaron ba.

Abin da ya ɗaure min kai a naku shi ne a buga 300 a loda 180. In da kaya ne suka yanke a sito, webil ɗin 180 za a buga, a bar 120 a rubuce a matsayin bashi. Tunda an buga 300, akwai yiwuwar buhu 300 suka fita ta get, 120 suka sauka a wani wuri. Ban ce sata ba ce. Sau da yawa yaran ciniki sukan ɗauki kayan wannan su toshe bakin wancan da ya fi matsa musu, da niyyar in sabon lodi ya zo su cike. Farashi ya tashi, lissafi ya ƙwace musu, sai a daina ɗaga waya. Shi ya sa zuwa wurin darakta shi ne daidai, kuma hoton webil ɗin nan shi ne abu na farko da ya kamata ya gani.

Maman Khalifa: Ni ma haka aka yi min. Keken ɗinki na saya a wurin wata a WhatsApp, na tura kuɗi, wata biyu shiru, ƙarshe ta toshe lambata. Kuma wai ma takin da suka kawo kun duba ba gauraye ba ne? Bara a ƙauyenmu an kawo wani rabinsa kamar gishiri.

Sakataren Manoma: Allah Ya mayar miki da alheri Hajiya. Takin da ya zo lafiyarsa ƙalau, mun buɗe mun gani, har an raba wa waɗanda suka fara biya. Matsalarmu wanda bai zo ba ne.

Barista: Hajiya, naki daban ne, wadda kika yi ciniki da ita ba ki san ƙofar gidanta ba. Ki buɗe wani zaren mu duba shi.

Mu koma kan wa'adi. Akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Ranar da aka yi muku alkawari, 24 ga Yuni, ta wuce. Ba ku soke ciniki a ranar ba, washegari kuka karɓi wani ɓangare, kuka ci gaba da kira ana ce muku gobe kuna cewa to. Ba laifi ba ne, kowa haka zai yi. Amma a idon shari'a kun sassauta wancan wa'adin da kanku. Ba za ku wayi gari yau ku ce kun soke ciniki saboda ranar 24 ta wuce ba, kamfani zai ce ai kun yarda ku jira. Hanyar dawo da ƙarfin lokaci ita ce sabuwar sanarwa a rubuce, mai ɗauke da rana takamaimai, da tazarar da mai hankali zai ce ta isa a kawo kayan, kuma a faɗa ƙarara cewa bayan wannan rana ba za ku ƙara jira ba. Wannan shi ne ainihin aikin takardar, ba huce haushi ba.

Ɗan Autan Kura: To a ba su awa 24 mana. In an ba su mako sai su ga kamar wasa ake.

Baba Tsohon Sito: Ɗana, awa 24 ita ce wasan. Ka lissafa da ni. Takarda ta shiga Talata. Darakta ya gan ta a ranar ko Laraba. Zai kira yaron, ya kira mai sito, ya sa akawu ya duba shigar kuɗi, kwana ɗaya ya tafi. In akwai kaya a ƙasa, a nemo mota, a loda, daga Kano zuwa Kadawa ta hanyar Zariya ba tafiyar kwana ba ce, Alhamis ko Asabar an sauke. In babu kaya sai ya sayo a wurin wani dila, wannan ma kwana biyu ya isa. Juma'a rabin rana ce a yawancin wuraren nan, Lahadi ba kowa. Ka ga kwana bakwai ya rufe duk wata hanya, ba wanda zai ce bai samu lokaci ba. Wa'adin da kowa ya san ba zai yiwu ba, ranar da ya cika ba ka yi komai ba, to ka koya wa mutumin cewa maganarka ba ta da nauyi.

Malamin Gona: Ni ta ɓangaren gona zan duba muku. Kada ku fara lissafi daga yau zuwa gaba, ku fara daga ranar da shinkafa ke buƙatar takin ku dawo baya. Wanda ya yi dashe a makon farko na Yuli, yuriyar farko tana shiga ne wajen mako uku bayan dashe, lokacin da shinkafa ke 'ya'ya. Wato makon ƙarshe na Yuli ke nan. In aka makara sosai, 'ya'yan da ba ta yi ba ba za ta dawo ta yi su ba, ko ka ninka takin daga baya. Saboda haka wa'adinku dole ya bar muku kwanakin da za ku karɓi kuɗi, ku saya a wani wuri, ku raba wa mutane. Talata 22 ga Yuli ta yi. In kuka ba da mako biyu, ranar da wa'adin zai cika ita ce ranar da ya kamata taki ya riga ya shiga gona.

Kuma ku rubuta wannan dalilin a takardar, layi ɗaya. Mai sayar da taki ya san ma'anar mako uku bayan dashe.

Sakataren Manoma: Na gode ƙwarai. Ga abin da na fara rubutawa tun jiya, ku gyara min:

"Ranka ya daɗe, muna matuƙar baƙin cikin irin wulaƙancin da ma'aikacinku yake mana. Mu talakawa ne, da ƙyar muka haɗa kuɗin nan. Muna roƙonka don Allah ka sa baki a kawo mana takinmu cikin gaggawa, in ba haka ba za mu ɗauki mataki."

Barista: Malam Sakatare, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka saka kanka a kujerar mutumin. Ya karanta ya gama, bai san buhu nawa ba, bai san wane ciniki ba, bai san yaushe ne "gaggawa" ba, bai san wane mataki ba. Abin da zai yi shi ne ya tura wa yaron da kuke kuka da shi ya ce a duba. Kun koma inda kuka fito. Ga yadda zan so ta kasance, shafi ɗaya:

"Zuwa ga Manajan Darakta.

Buhu 120 na yuriya da muka biya ba a kawo ba: wa'adi zuwa Talata 22 ga Yuli.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Ranar 10 ga Yuni ƙungiyarmu ta biya ₦10,200,000 a asusun kamfaninku, kuɗin yuriya buhu 300 mai kilo 50 a kan ₦34,000 kowane buhu, bisa alkawarin saukewa a sitonmu na Kadawa cikin mako biyu. Ranar 25 ga Yuni an sauke buhu 180. Webil ɗin yana ɗauke da 300, amma mai sitonmu da direbanku sun sa hannu a kan cewa 180 aka karɓa. Saura buhu 120, kuɗinsu ₦4,080,000. Mun bi ta wurin jami'inku na ciniki ba mu samu ranar kawowa ba.

Muna buƙatar a sauke buhu 120 ɗin, irin wanda aka fara kawowa, a sitonmu kafin ƙarfe 4 na yammacin Talata 22 ga Yuli. Idan hakan ba zai yiwu ba, a mayar da ₦4,080,000 asusun da kuɗin ya fito kafin wannan lokaci. Shinkafar mambobinmu za ta buƙaci takin a makon ƙarshe na Yuli, don haka ba za mu iya ƙara wa'adin ba. Muna so a sanar da mu a rubuce kafin Alhamis 17 ga Yuli wanne daga cikin biyun za a yi.

Idan lokacin ya wuce ba a yi ko ɗaya ba, za mu ɗauki cinikin sauran buhunan a matsayin wanda ya warware, mu saya a wani wuri, mu shigar da ƙara don karɓar kuɗinmu da bambancin farashi."

Sai sa hannun shugaba da naka, da lambar waya guda ɗaya. A manna kwafin rasit, shaidar tura kuɗi daga banki, da webil. Ku riƙe na asali, kwafi kawai za ku bayar. A saka lambar rasit da lambar motar da ta kawo kaya, da su akawu zai gano cinikin cikin minti biyar.

Hajiya Mai Shago: Barista, ni fa ina ganin takardar ta yi tsauri. Shekara nawa ina saro kaya a Singa da Kwari, ban taɓa rubuta wa Alhaji takarda da maganar kotu ba. Mutanen nan baɗi ma wurinsu za ku koma. Ku samu dattijo wanda daraktan ke jin kunyarsa, ku je ku zauna, a yi maganar mutunci. Da zarar ya ga kalmar ƙara zai miƙa wa lauyansa, shi ke nan kun rufe ƙofar sulhu.

Baba Tsohon Sito: Hajiya tana da gaskiya rabi. A je da dattijo, ƙwarai kuwa. Amma a je da takardar a hannu. Na sha ganin zaman mutunci, a sha lemo, Alhaji ya ce in sha Allahu cikin satin nan, kowa ya tashi da farin ciki, ba wanda ya tambaya wace rana. Sati ya wuce, dattijon kuma yanzu shi ke jin nauyin komawa. Takardar ita ce ke riƙe ranar bayan an tashi. Kuma babu zagi a cikinta, ba a kira kowa ɓarawo ba, ko sunan yaron ba a kama ba.

Hajiya Mai Shago: To Baba, ko a cire layin kotun a bar sauran. In bai yi ba sai a rubuta ta biyu.

Barista: Da lokaci na nan da na yarda da ke Hajiya, a yi ta farko mai laushi, ta biyu mai zafi. Shinkafa ce ba za ta jira takarda biyu ba. Abin da zan iya sassautawa shi ne lafazin, a ce "za mu nemi haƙƙinmu ta hanyar da doka ta tanada". Amma sharaɗi ɗaya, kada a rubuta abin da ƙungiya ba ta shirya yi ba. Malam Sakatare, ku zauna da shugaba da ma'aji yau ku amsa wa kanku: ranar Laraba 23, in ba taki ba kuɗi, da me za ku sayi wani? Wa zai je kotu? In babu amsa, gara a rage abin da aka rubuta ya yi daidai da abin da za a iya.

Game da kotu, a Kano akwai kotun ƙananan basussuka da aka buɗe a 2019 a ƙarƙashin kotunan majistare, ta fara da iyakar naira miliyan 5, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya. Naku yana ƙasa da haka. Kafin su karɓi ƙara sai an nuna an aika wa wanda ake bi takardar neman biya, suna da fom ɗinsu na hakan, ku karɓa a rajistara. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ma tana karɓar ƙorafi, amma kada ku sa ran ita ko kotu za su kawo muku taki kafin ƙarshen Yuli. Waɗannan na dawo da kuɗi ne daga baya.

Malam Na Zaure: Assalamu alaikum. Na karanta duka, ina da magana a kan "bambancin farashi". Cinikin da kuka yi, a biya kuɗi gaba ɗaya a karɓi kaya daga baya, shi ne salam a fiƙihu. Hadisin Ibn Abbas da ke Bukhari da Muslim ya shar'anta a san mudu, a san nauyi, a san ajali, kuma ayar bashi a Baƙara ta ce a rubuta. To duk kun cika, ajiye rana ba rashin kunya ba ne, addini ne ya zo da shi. Amma in aka warware salam, abin da na sani shi ne mai saye yana karɓar uwar kuɗinsa ne, ba ƙari. Ka ba da ₦4,080,000 ka karɓi fiye da haka a kuɗi, ina jin tsoron wannan.

Sakataren Manoma: Allah Ya gafarta Malam, to ga inda abin yake mana ciwo. Na tambaya a Kura yau, buhu ya kai ₦37,500. In suka dawo mana da kuɗinmu cif, buhu 108 kawai zai saya, da ɗan canji. Buhu 12 sun tafi, wato kusan ₦420,000 za mu nemo kafin mu cike 120. Wa zai ɗauki wannan? Manomin da ya biya tun Yuni?

Malam Na Zaure: Shi ya sa ban ce ku warware ba. Haƙƙinku buhu 120 ne, ba kuɗi ba. Yuriya ba ta yanke a kasuwa ba, tsada ta yi. Ku ce masa in babu a sitonsa ya saya a inda yake akwai ya sauke muku. Tsadar ta faɗa kansa, ku kuma kun karɓi abin da kuka saya, babu shubuha.

Barista: Wannan ya fi nawa kyau Malam, kuma ya nuna min rami a takardar da na rubuta. Yadda na tsara ta, na ba shi zaɓi biyu daidai wa daida, kuma mayar da kuɗi ya fi masa arha da ₦420,000. Kowane ɗan kasuwa shi zai zaɓa. A gyara: abin da ake nema shi ne buhu 120, daga sitonsu ko daga wani dila, wannan ruwansu. Mayar da kuɗi kada a ba shi a matsayin zaɓi, a mayar da shi sakin layi na ƙarshe, cikin abin da zai biyo baya in wa'adi ya wuce. Amsar ranar Alhamis kuma ta zama ta ranar da mota za ta taso. A dokar ciniki ta ƙasa kuwa, wanda aka ƙi kawo wa kaya yana da damar neman bambanci tsakanin farashin da aka yi ciniki da na kasuwa a lokacin da ya kamata a kawo. Ko ƙungiya za ta nema ko za ta bari saboda abin da Malam ya faɗa, wannan ku za ku yanke. Ni dai zan ce kada a rubuta an yafe shi tun yanzu.

Malam Na Zaure: A bar shi a rubuce ban hana ba. In an kai ga karɓa sai a sake zama, a tambayi waɗanda suka fi ni sani.

Ɗan Autan Kura: Kuɗin motar fa? Kun manta ₦240,000 na hannun yaron.

Baba Tsohon Sito: Yauwa Auta, yau ka yi magana. Buhu 300 a kan ₦240,000, ₦800 ke nan kowane buhu. Na buhu 120 ya kama ₦96,000. A saka shi a layi na daban, a faɗi gaskiya cewa asusun jami'insu aka tura bisa umarninsa, a haɗa da hoton saƙon da ya turo lambar asusun. Kada a cakuɗa shi da kuɗin taki, domin kamfani na iya cewa wannan bai shigo wurinsu ba, kada gardamar ₦96,000 ta riƙe buhu 120. Amfaninsa a takardar shi ne kada mota ta zo a ce ku sake biyan kuɗin dako.

Sakataren Manoma: Saura abu ɗaya. Ban san daraktan ba, ban da lambarsa. Duk hulɗarmu da yaron ce. In na kai ofis na ba mai gadi, ina tsoron a hannun yaron za ta ƙare.

Barista: Duba rasit ɗinku, yawanci akwai lambar rajistar kamfani da ke farawa da RC. Da ita ko da sunan kamfanin za ka bincika a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka ga adireshin da suka yi rajista da shi, kuma ana iya neman rahoton da ke nuna daraktoci, da ɗan kuɗi. Amma ko ba suna, "Manajan Darakta" ya wadatar. Ka buga kwafi biyu. Ka kai da kanka, kai da mutum ɗaya, ka wuce teburin ciniki ka nemi sakatariyar darakta ko akawu. Wanda ya karɓa ya rubuta sunansa da rana da lokaci a kan kwafinka, ya buga hatimi in akwai. In suka ƙi sa hannu, ka fita ka aika ta kamfanin kai saƙo mai ba da shaidar isarwa. Daga baya ka tura hotonta ta WhatsApp in ka samu lamba, amma wannan ƙari ne.

Baba Tsohon Sito: Lambar kuwa direban da ya kawo kaya zai ba ka, ko dilolin Kura da ke saro a wurinsu. Kuma ka tura wa yaron kwafi bayan ka kai, ba kafin ba. Ba don cin fuska ba, don ya san magana ta wuce shi. Zai kira ka ya ce don Allah ka janye, gobe zai kawo. Ka ce masa madalla, ya kawo, wa'adin ma har Talata ne. Kada ka ce masa "ba komai" ko "duk lokacin da ya samu", ko a waya ko a saƙo, in ba haka ba ka sake kwance abin da Barista ya ɗaura.

Sakataren Manoma: Jama'a ga inda aka kwana. Mun kai takarda ranar Talata, ni da wani dattijo kamar yadda Hajiya ta ba da shawara, limamin garinmu ne ya haɗa mu da shi. Ba mu samu daraktan ba, akawu ya karɓa ya sa hannu. Jiya Laraba da daddare daraktan ya kira da kansa. Ya ce a littafinsu an rufe cinikinmu tun 25 ga Yuni, sai da ya ga webil ɗin. Ya ce buhu 70 ne a ƙasa, zai turo su Asabar, sauran 50 kuma sai sabon lodi ya iso, wai farkon Agusta. Na ce zan faɗa wa shugaba. Mu karɓa ko mu tsaya a kan 120?

Ɗan Autan Kura: Kada ku karɓa. Ko duka ko babu.

Malamin Gona: Ku karɓa mana, gona ba ta san fushi ba. Buhu 70 ku ba waɗanda suka fara dashe. Sauran 50 in da tabbas za su zo farkon Agusta, za su iya zama na zubi na biyu, lokacin da shinkafa za ta ɗauki ciki. Amma ku duba ko 250 zai ishi kowa zubin farko.

Hajiya Mai Shago: Mutum ya kira da kansa, ya amsa laifi. Ni a ganina ku ba shi Agustan.

Barista: Ku karɓi 70, amma karɓa daban, ƙara wa'adi daban. "Farkon Agusta" ba rana ba ce, irin maganar yaron ce da babbar riga. Yau ɗin nan ka tura masa saƙo: mun ji bayaninka na jiya, za mu karɓi buhu 70 ranar Asabar 19 ga Yuli a matsayin wani ɓangare, saura 50, kuma wa'adin Talata 22 yana nan a kansu. In ƙungiya ta ga za ta iya jira kamar yadda Malamin Gona ya ce, to shi daraktan ya rubuto rana ɗaya takamaimai da sa hannunsa, ku amsa a rubuce cewa kun yarda da wannan ranar kaɗai. Ni da za a bi tawa, buhu 50 ba abin da zai gagare shi saya a kasuwa ba ne kafin Talata, ku fara tambayarsa wannan.

Sakataren Manoma: Shugaba yana tare da Hajiya, ma'aji yana tare da Barista. Mun sa taro gobe bayan Juma'a, za mu ƙirga waɗanda ba su samu na zubin farko ba tukuna. Saƙon dai na tura, ya nuna ya karanta, bai amsa ba.

Baba Tsohon Sito: Ranar Asabar ka tsaya a wurin da kanka a ƙirga a gabanka. Ka duba adadin da aka buga a sabon webil kafin a fara saukewa. In an buga 120, a rubuta "an karɓi 70, saura 50", direba ya sa hannu a kwafi biyun, nasa da naku, ka ɗauki hoton nasa kafin mota ta tashi.